Taga Mai Zamewa da Hanyoyi Biyu na Sake Aika Fakitin da Ya Ɓace: Nazari a Kan Layin Tauraron Ɗan'adam

Tsakure

Maƙalar nan ta duba alaƙar da ke tsakanin taga mai zamewa da tsare-tsare biyu na sake aika bayanan da suka salwanta a hanya, wato tsarin koma-baya-N da tsarin zaɓi-ka-sake. Matsayarta ita ce abubuwan nan uku ba kishiyoyi ba ne da za a jera a zaɓi ɗaya. Taga ita ce tushen da tsare-tsaren biyu suka tsaya a kai, kuma abin da ke raba su shi ne faɗin tagar mai karɓa. An bi misalin layin tauraron ɗan'adam mai gudun megabit 10 a sakan domin nuna cewa yawan fakitocin da ke kan hanya, idan aka riɓa shi da yiwuwar salwanta, shi ne ma'aunin da ya kamata ya yanke hukunci tsakaninsu.

1.0 Gabatarwa

Duk na'urar da za ta aika bayani zuwa wata ta layin da ba shi da tabbas tana fuskantar tambayoyi biyu. Ta farko: fakiti nawa zan tura kafin in dakata in ji daga mai karɓa? Ta biyu: idan ɗaya ya ɓace ko ya lalace, wanne zan sake turawa? Tambayar farko ta shafi ƙayyade kwararar bayani, domin kada mai aikawa ya fi ƙarfin mai karɓa. Ta biyu ta shafi gyaran asara. Sau da yawa ana koyar da su a dunƙule, har ɗalibi ya ɗauka taga mai zamewa hanya ce ta uku da ke gogayya da sauran biyun. Illar wannan ba ta tsaya a aji ba. Injiniyan da layinsa ke jan ƙafa zai iya ɓata lokaci yana farautar salwantar fakiti alhali tagar ce ta yi ƙunci, ko kuma ya faɗaɗa taga alhali hanyar sake aikawa ce ke cinye masa layi. Maƙalar za ta raba tambayoyin biyu, ta nuna inda suke haɗuwa, sannan ta amsa sukar da za a iya yi wa wannan matsaya.

2.0 Aikin Taga Ko da Babu Asara

Mu ɗauki layin da ke bi ta tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri ɗaya a saman tsakiyar duniya, irin wanda tashoshin VSAT ke amfani da shi a wuraren da wayar gilashi ba ta kai ba. Tauraron yana nisan kilomita 35,786. Saƙo zai hau ya sauko, amsarsa ma ta hau ta sauko, tafiya huɗu ke nan, wadda ko a gudun haske ba za ta gaza milisakan 477 ba. Idan aka haɗa da jinkirin na'urori, milisakan 600 adadi ne mai ma'ana ga zuwa da dawowa. Gudun layin megabit 10 ne a sakan, kowane fakiti kuma bayit 1,500 ne, wato bit 12,000, don haka fitar da fakiti guda yana ɗaukar milisakan 1.2 kacal.

Idan mai aikawa ya tura fakiti ɗaya ya tsaya jiran shaidar karɓa, zai yi aikin milisakan 1.2 ya zauna banza na milisakan 600. Abin da zai samu bai wuce kilobit 20 a sakan ba, kashi 0.2 cikin ɗari na ƙarfin layin. Domin layin ya cika, dole ya ci gaba da turawa har amsar fakitin farko ta iso, kuma a cikin wannan lokaci zai fitar da fakiti 500, wato bayit 750,000. Wannan adadi, gudun layi riɓi lokacin zuwa da dawowa, shi ne mafi ƙarancin faɗin tagar da za ta cika layin. Taga kuwa jerin lambobin fakitocin da aka yarda mai aikawa ya tura ne ba tare da ya ji amsarsu ba. Duk lokacin da shaidar karɓar fakitin da ke gefen hagu ta iso, tagar ta matsa gaba, sabuwar lamba ta shigo ta dama.

Abin lura shi ne har yanzu ba mu ambaci asara ba, amma mun riga mun ga yadda taga kaɗai ke iya danne layi. A ƙa'idar TCP ta asali, RFC 793 ta 1981, gurbin da mai karɓa ke sanar da faɗin tagarsa bit 16 ne, mafi girmansa bayit 65,535. A kan layinmu, bayit 65,535 a kowane milisakan 600 yana ba da kusan kilobit 874 a sakan, ƙasa da kashi 9 cikin ɗari, ko da fakiti guda bai ɓace ba. Wannan ne ya sa RFC 1323 ta 1992 ta kawo hanyar ninka tagar, wadda ke kai ta kusan gigabayit ɗaya. Babu tsarin sake aikawa da zai magance irin wannan matsala, domin babu abin da ya salwanta.

Ta ɗaya gefen kuma, taga ita ce linzamin da ke hannun mai karɓa. A TCP, kowace amsa tana ɗauke da adadin gurbin da ya rage a ma'ajiyarsa. Idan manhajar da ke karanta bayanin ta yi nawa, gurbin ya ragu, har ya kai sifili, mai aikawa ya tsaya cik yana tura ɗan gwaji lokaci-lokaci har tagar ta sake buɗewa. Tsohuwar ƙa'idar HDLC ta raba ayyukan nan a fili cikin saƙonninta huɗu na sa-ido: RR na cewa a ci gaba, RNR na cewa a dakata, REJ na cewa a koma baya daga lamba kaza, SREJ kuma na cewa a sake aika lamba kaza ita kaɗai. Biyun farko na ƙayyade kwarara ne, biyun ƙarshe na gyaran asara.

3.0 Inda Tsare-tsaren Biyu Suka Rabu

A tsarin koma-baya-N, mai karɓa fakiti ɗaya tak yake jira, wanda lambarsa ke bin na ƙarshe da ya karɓa. Idan fakiti mai lamba 7 ya ɓace, 8 da 9 da duk na bayansu za su iso lafiya amma a zubar da su. Amsarsa ta jimla ce: idan ya ce yana jiran 7, ya tabbatar da duk abin da ya gabaci 7. Mai aikawa yana buƙatar agogon jira guda ɗaya, kuma idan lokacin ya cika, ko saƙon ƙin karɓa ya iso, sai ya koma kan 7 ya sake tura duk abin da ya biyo baya. A tsarin zaɓi-ka-sake kuwa, mai karɓa yana ajiye 8 da 9 da sauransu, ya shaida karɓar kowanne, ya jira 7 kaɗai. Idan 7 ya iso, ya jera su ya miƙa wa manhaja. Nauyin da ke kansa shi ne ma'ajiya mai faɗin taga guda da lissafin guraben da suka cika da waɗanda ba su cika ba, mai aikawa kuma sai ya bi sawun kowane fakiti daban.

Idan aka duba da kyau, bambancin duka ya tattara a lamba ɗaya, faɗin tagar mai karɓa. A tsarin tura-ka-jira, tagar mai aikawa ɗaya ce, ta mai karɓa ɗaya. A koma-baya-N, ta mai aikawa N ce, ta mai karɓa ɗaya. A zaɓi-ka-sake, dukansu biyun N ne. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa abu ɗaya ne ake juyawa ita ce ƙa'idar lambobin jeri. Lambobin suna da iyaka, idan sun ƙare su zagayo. Da bit 3 akwai lambobi 8, daga 0 zuwa 7. A ce mai koma-baya ya tura takwas ɗin duka, suka isa, amma amsoshin suka ɓace. Mai karɓa yanzu yana jiran 0 na zagaye na biyu, mai aikawa kuma zai sake tura tsohon 0, a karɓe shi a matsayin sabo. Don haka tagar ba za ta wuce 7 ba. A zaɓi-ka-sake iyakar ta fi tsanani. Idan tagar 5 ce, aka tura 0 zuwa 4 suka isa, tagar mai karɓa ta koma 5, 6, 7, 0, 1. Amsoshi suka ɓace, tsohon 0 ya dawo, ya faɗa cikin tagar, aka ajiye shi a gurbin sabon bayani ba tare da wata alamar kuskure ba. Da taga mai faɗin 4, mai karɓa zai koma 4 zuwa 7, tsohon 0 ya faɗa waje a gane shi. Iyakokin biyu, 7 da 4, daga doka ɗaya suka fito: tagar mai aikawa da ta mai karɓa idan an haɗa su kada su wuce yawan lambobin jeri. Bakwai da ɗaya takwas ne, huɗu da huɗu ma takwas ne.

4.0 Lissafin Asara a Kan Layin

Yanzu mu shigar da salwanta. A ce kowane fakiti yana da yiwuwar ɓacewa p, ba tare da ɓacewar wani ta shafi wani ba, kuma N shi ne yawan fakitocin da ake fitarwa kafin labarin asara ya iso. A koma-baya-N kowace asara tana cinye lokacin fakiti N, don haka rabon layin da ke ɗaukar bayani mai amfani shi ne:

```
(1 - p) / (1 + (N - 1)p)
```

A zaɓi-ka-sake, idan tagar ta wadata, kowace asara lokacin fakiti ɗaya take ci, rabon ya zama 1 − p. A layinmu N ya kai 500. Idan fakiti ɗaya cikin dubu ke ɓacewa, koma-baya-N zai ba da kusan kashi 67 cikin ɗari, zaɓi-ka-sake kuma kashi 99.9. Idan asarar ta kai ɗaya cikin ɗari, na farko ya faɗo zuwa kusan kashi 17, na biyu ya tsaya a kashi 99. A wannan hali, cikin megabit 10 da ake biyan kuɗinsu, fiye da megabit 8 suna tafiya ne wajen jigilar fakitocin da akasarinsu sun riga sun isa an zubar.

Sai mu sauya abu ɗaya. Gudun layin da girman fakiti su tsaya yadda suke, amma a mayar da shi gajeren layi inda N bai wuce 3 ba. Da asarar ɗaya cikin dubu, koma-baya-N zai ba da kusan kashi 99.7, tazararsa da ɗan'uwansa ba ta kai a gina mata ma'ajiya ba. Tsarin bai canja ba, yiwuwar asara ba ta canja ba, amma hukuncin ya juya. Abin da ya canja shi ne N riɓi p, wanda ma'anarsa ita ce matsakaicin yawan asarar da ake samu a cikin taga guda. A dogon layin ya kai 0.5 ko 5, a gajeren kuma 0.003 ne. Matuƙar wannan adadi yana ƙasa da ɗaya sosai, koma-baya-N ya isa. Da zarar ya kusanci ɗaya, akasarin tagogi suna da rami, kuma komawa baya ya cinye kusan rabin aikin layin.

Amma kashi 99.9 ɗin nan yana da sharaɗi, kuma a nan ne tambayoyin biyu na gabatarwa suke haɗuwa. Gefen hagu na taga ba ya motsi sai fakitin da ke wurin ya isa. A ce tagar zaɓi-ka-sake 500 ce cif, fakitin farko ya ɓace. Mai aikawa zai tura sauran 499, labarin asara ya iso bayan zagaye ɗaya, ya sake tura wanda ya ɓace, sannan ya tarar ba shi da izinin tura ko lamba ɗaya sabuwa har sai amsar wannan ta dawo bayan wasu milisakan 600. Layin ya zauna fanko kusan zagaye guda. Koma-baya-N ya ɓata wannan zagaye wajen maimaici, zaɓi-ka-sake mai ƙuntatacciyar taga kuma ya ɓata shi wajen jira, asarar lokacin kusan ɗaya ce. Domin a ci ribar zaɓi, dole tagar ta kai kusan ninki biyu, fakiti 1,000, wato ma'ajiyar megabayit 1.5 a wajen mai karɓa da irinta a wajen mai aikawa. Lambar jeri ma sai ta faɗaɗa: bit 9 sun ishi koma-baya-N mai taga 500, amma zaɓi-ka-sake mai taga 1,000 yana buƙatar bit 11. Idan fakitin da aka sake turawa ya ƙara ɓacewa, ana buƙatar wani zagayen na ma'ajiya. Ke nan fifikon zaɓi-ka-sake da faɗin taga ake sayensa.

5.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ita ce ma'ajiya ta yi araha, saboda haka koma-baya-N ya zama tarihi. Akwai gaskiya a ciki. Ƙa'idojin zamani da yawa sun rungumi zaɓi: a Wi-Fi, amsar dunƙule ta 802.11n tana shaida fakiti har 64 da taswirar bit guda, a LTE kuma matakin RLC yana sake aika abin da ya ɓace kaɗai. Sai dai arahar ma'ajiya a kwamfuta ba ita ce araharta a cikin katin sadarwa ba, inda ake bin sawun dubban haɗi a gudun gigabit 100. Katunan RoCE da ake amfani da su a manyan cibiyoyin bayanai sun daɗe suna aiki da koma-baya-N, kuma sun iya hakan ne domin an tsara hanyar da dabarar PFC, wadda ke dakatar da mai aikawa kafin ma'ajiyar na'urar rarraba saƙo ta cika, ta yadda p ya kusan zama sifili. Binciken da Radhika Mittal da abokan aikinta suka gabatar a taron SIGCOMM na 2018 ya nuna cewa idan katin ya iya sake aika zaɓaɓɓu, ya kuma iyakance abin da ke kan hanya, buƙatar PFC tana kauwa. Wannan ya ƙarfafa matsayar maƙalar nan: ko dai a danne p, ko a biya kuɗin tagar mai karɓa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce lissafin ya ɗauka asara tana zuwa ɗai-ɗai, alhali a layin rediyo a tare take zuwa, misali lokacin da ruwan sama mai ƙarfi ya raunana siginar tauraro. Haka ne, kuma tasirinsa rage tazarar ne. Idan fakiti 50 suka ɓace a jere, koma-baya-N sau ɗaya zai koma, ba sau 50 ba, kuma kashi ɗaya cikin goma na abin da zai maimaita dama ya ɓace. Gyaran da ya kamata shi ne a ƙirga aukuwar asara a cikin taga maimakon yawan fakitocin da suka ɓace. Ma'aunin yana nan, abin da ake ƙirgawa ne aka daidaita.

Suka ta uku ita ce TCP, wadda ke ɗaukar akasarin bayanan intanet, ba ta dace da ko ɗaya cikin biyun ba. Gaskiya ne gauraye ce. Amsarta ta jimla ce kamar ta koma-baya-N, amma mai karɓa yana ajiye abin da ya iso ba bisa jeri ba, kuma amsa iri ɗaya da ta maimaitu sau uku tana sa a sake tura guntu guda nan take. RFC 2018 ta 1996 ta ƙara SACK, inda mai karɓa ke lissafa yankunan da ya riƙe bayan rami, yanki huɗu a mafi yawa, ko uku idan ana amfani da hatimin lokaci, domin gurbin zaɓuɓɓuka bayit 40 ne kawai. Kuma mai aikawa ba ya goge bayani sai amsar jimla ta wuce shi. Wannan gaurayen ya yiwu ne saboda faɗin taga da hanyar gyara abubuwa ne da ake iya saita kowanne daban. QUIC, a RFC 9000 ta 2021, ta kai rabuwar ƙarshe: lambar fakiti ba ta maimaituwa, bayanin da ya ɓace a sabon fakiti ake sake tura shi, izinin kwarara kuma yana da nasa saƙon, MAX_DATA. Sai dai dole a yi gargaɗi cewa alkaluman sashe na 4.0 ba hasashen gudun TCP ba ne, domin tun aikin Van Jacobson na 1988 akwai taga ta biyu, ta cunkoso, wadda ke raguwa idan an ga asara. Bisa sanannen ƙiyasin Mathis da abokansa na 1997, TCP irin ta Reno da asarar ɗaya cikin dubu tana riƙe kusan fakiti 39 a kowane zagaye, ƙasa da megabit ɗaya a layinmu, ko da SACK na aiki.

6.0 Yadda Ake Gane Matsalar a Aikace

Rabe-raben nan suna da alamomi da ake gani. Idan aka kama zirga-zirgar da Wireshark aka ga `TCP Window Full` ko `TCP ZeroWindow` ba tare da sake aikawa ba, tagar mai karɓa ce ta cika, maganin yana wajen ma'ajiya ko ninka taga ko manhajar da ke jinkirin karatu. Idan aka ga jerin `TCP Dup ACK` sannan `TCP Fast Retransmission`, asara ce, kuma abin dubawa na gaba shi ne ko `SACK_PERM` ya bayyana a fakitocin buɗe haɗi na ɓangarorin biyu. A Linux, umarnin `ss -ti` yana nuna `cwnd` da `rtt` da `retrans`, kuma `rwnd_limited` yana faɗin lokacin da tagar mai karɓa ce ta tsayar da aikawa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a raba faɗin taga da lokacin zagaye. Idan amsar ta yi daidai da gudun da ake samu, taga ce iyakar, kuma ba a wajen sake aikawa matsalar take ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa taga mai zamewa tana amsa tambayar yawan abin da za a tura, koma-baya-N da zaɓi-ka-sake kuma suna amsa tambayar abin da za a maimaita, kuma faɗin tagar mai karɓa ne ya raba su. Daga nan tsarin aiki ya fito ga mai ƙira. Ya fara lissafa N daga gudun layi da lokacin zagaye, ya tabbatar tagar ta kai wannan adadi. Sannan ya auna yawan aukuwar asara a cikin taga guda. Idan ya yi ƙasa da ɗaya sosai, koma-baya-N ya wadatar, kuma sauƙinsa riba ce. Idan ya kusanci ɗaya, ya ɗauki zaɓi-ka-sake, tare da ma'ajiyar da ta kai aƙalla ninki biyu na N da lambobin jerin da suka kai ninki biyu na tagar. Wanda ya ɗauki zaɓin ya bar tagar a kan N cif ya ɗora wa kansa wahalar tsarin, amma layinsa zai ci gaba da tsayawa zagaye guda a kan kowace asara.